Muryoyi sun fita tas amma fitowar ba ta da rai: yadda ake ɗora sautin motsi bayan ɗauka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina tace wani shiri mai dogon zango da muke sakawa a YouTube. Akwai fitowar da muka ɗauka a wani gida a Gwammaja, janareton maƙwabta ya ɓata mana sauti, sai muka sake ɗaukar muryoyin a situdiyo. Muryoyin sun fita tas, amma kamar mutanen ba a cikin gidan suke ba. Na sauko da sautin taku da na ƙofa daga intanet na ɗora, abin ya ƙara lalacewa. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Makirfon da aka kafa a lokeshan ba murya kaɗai yake kwasa ba. Yana kwasar iskar gidan, da motsin tufafin mai magana, da takunsa, da duk abin da hannunsa ya taɓa. Mai kallo ba ya lura da waɗannan, amma da su kunnensa yake yarda cewa wannan muryar daga jikin wannan mutumin take fitowa, kuma a wannan wurin. Ranar da ka cire layin sautin lokeshan, da su duka ka cire, sai ka mayar da murya ita kaɗai. Aikin da ke gabanka shi ne ka mayar da sauran ɗaya bayan ɗaya, kuma mafi yawansu da hannunka da ƙafarka za ka yi su, kana kallon hoto kana kwaikwayon motsin a gaban makirfo. Shi ne aikin da ake kira foli, sunan Jack Foley ne, wanda ya yi fice da shi a kamfanin Universal tun ƙarshen shekarun 1920, lokacin da fim ya fara magana.

Na intanet ɗin nan ba don ba su da kyau suka ƙi zama ba. Da yawa daga cikinsu an ɗauke su ne a kan daɓen katako, da takalmi mai taurin dunduniya, da ƙofar katako mai mariƙin murɗawa. Gidan Gwammaja kuwa siminti ne a tsakar gida, silifas ne a ƙafa, ƙofa ta ƙarfe ce mai sakata. Duk wanda ya tashi a irin gidan nan ya san ƙarar su tun yana rarrafe, ko bai iya faɗa maka abin da ya ɓaci ba zai ji cewa wani abu bai yi daidai ba. Sannan kowane sauti da ka sauko da shi yana ɗauke da amon ɗakin da aka ɗauke shi. Taku daga ɗaki ɗaya, ƙofa daga wani, murya daga situdiyonku, ga ɗakuna uku a fitowa ɗaya. Ka ajiye su don abin da ba za ka iya yi da kanka ba, kamar tsawa ko harbin bindiga.

Bari in ɗauki fitowar da kusan kowane shiri yake da irinta, sai ka gwada da taka. Tsawonta minti 1 da rabi. Amarya ta fito daga madafi da faranti, da kwanon abinci a rufe da jug na ruwa da kofi a kai. Ta ratsa tsakar gida, ta yi sallama, ta cire silifas a bakin ƙofa, ta ɗaga labule ta shiga ɗakin surukarta. Ta durƙusa ta ajiye farantin a kan leda, suka gaisa, tsohuwar ta buɗe kwano ta duba, amarya ta zuba mata ruwa. Can mijin ya buɗe ƙofar gida ya shigo ta zaure, ba a ganinsa sai muryarsa.

Kafin komai, kada ka goge lalataccen sautin lokeshan. Ka sauke shi ƙasa ka kashe shi, domin shi zai nuna maka daidai inda faranti ya taɓa ƙasa da inda aka yi kowane taku. Sai ka kalli fitowar ba sauti sau biyu ko uku, kana rubuta duk abin da ya motsa da lokacinsa: daƙiƙa ta 4 ta fara tafiya, ta 11 ta cire takalmi, ta 19 faranti ya sauka. Wannan takardar ce za ta gaya maka kayan da za ka tara.

Da iskar wuri ake farawa, don a kanta komai zai zauna. Ka koma gidan ranar da aka kawo wuta, janareto yana kashe, a irin lokacin da labari ya nuna. Idan hantsi ne a fim, kada ka je da la'asar lokacin da yara suka taso daga Islamiyya, unguwa ta cika da hayaniya. Ka saita rakoda a 48 kHz da 24 bit, domin 48 shi ne ma'aunin bidiyo, sannan ka roƙi mutanen gida su ba ka shiru. Ka ɗauki minti 3 a tsakar gida, minti 3 a cikin ɗakin, makirfo a inda kyamara ta tsaya. Abin da kake nema shi ne sautin da ba ya jan hankali: gunjin adaidaita sahu daga can bakin titi, kukan kurciya, muryoyin yara da ba a gane me suke cewa, ƙarar fanka idan ana ganinta tana juyawa a hoto. Amma akwai abubuwa uku da za ka guje wa. Duk sautin da ake iya ganewa, kamar carar zakara ko kiran mai gwanjo, idan ka maimaita layin zai dawo, kuma mai kallo zai kama shi a karo na biyu. Waƙar da ke tashi daga rediyon maƙwabta za ta iya jawo maka rigimar haƙƙin mallaka a YouTube. Kiran salla kuwa agogo ne, da an ji shi an san lokaci, kuma ba ya kyautuwa a datse shi a tsakiya saboda an canza hoto. Idan labari bai nema ba, ka jira a idar.

Wajen ɗorawa, iskar tsakar gida ba ta ɗaukewa don amarya ta shiga ɗaki. Labule ne kawai tsakaninsu. Ka rage ta da kamar 8 dB, ka dushe samanta kaɗan, ka shigo da ta ɗakin a hankali cikin daƙiƙa ɗaya daidai lokacin da ta ɗaga labule. A matsayin mafari, iskar wuri ta zauna kamar 25 zuwa 30 dB ƙasa da murya. Da ka yi wannan kaɗai za ka ji rabin mutuwar ta tafi, domin shirun da ke tsakanin jimla da jimla ya daina zama rami.

Yanzu wurin ɗaukar motsi. Sautin tufafi da na tafin ƙafa ba su da ƙarfi, dole ka ɗaga ƙarfin makirfo, kuma duk abin da ke ɗakin zai ɗagu tare da su. A Kano wannan yana nufin aikin dare ne, daga ƙarfe 12 zuwa kafin kiran assalatu. Ka kashe fanka da firji, ka sa waya a yanayin jirgi, ka nisanta kwamfuta daga makirfo saboda fankarta. Za ka sha zufa, ba makawa. Ka jingina katifu a bango biyu, ka rataya barguna, domin so ake sautin ya fito busasshe, ba amon ɗakinka a ciki. Amon gidan da ke cikin fim ɗin daga baya za ka ƙara shi. Dogon makirfon da kuke ɗaukar magana da shi a lokeshan shi ya fi dacewa, ko da akwai na waƙa mai tsada a situdiyo, saboda launin sautinsa zai yi daidai da sauran fitowar shirin. Ka saita ƙarfi yadda mafi ƙarar motsi zai tsaya wajen -12 dB.

Idan manhajarka tana ɗaukar sauti hoto yana tafiya, kamar shafin Fairlight na DaVinci Resolve ko Reaper, shi ke nan. Idan kuma ƙaramar rakoda ce a hannunka irin Zoom H5, ka fitar da fitowar ba sauti, sai ƙara guda ɗaya gajeriya daƙiƙa 2 kafin hoto ya fara. Ka kunna ta a lasifika, rakoda ta kama wannan ƙarar, daga baya ka daidaita ta da wadda ke kan layin tacewa, duk sauran sai su faɗa wurinsu.

Tufafi za ka fara ɗauka, kuma a nan zan daɗe, domin shi ne abin da editocinmu suka fi tsallakewa, alhali shi ne yake ɗinke muryar situdiyo da jikin mai ita. Mutum ba ya magana a sandare. Yana juya wuya, yana gyara mayafi, yana ɗaga hannu, kuma kowane ɗaya yana da ɗan sautinsa. Ka samo irin yadin da ke jikin ɗan wasa, ba lallai rigar ba. Atamfa sabuwa tana da ƙaras-ƙaras, wadda ta sha wanki ta yi laushi kusan ba ta magana. Shadda mai sitaci, ko wadda ta sha bugu, tana da ƙara mai kauri da ake ji daga nesa, shi ya sa babbar riga take sanar da shigowar mai ita kafin ya yi sallama. Hijabi mai santsi shuu kawai yake yi. Ka zauna a kujerar da ba ta ƙara, makirfo kamar rabin mita daga hannunka, ka riƙe yadin a dunƙule sako-sako. Ka kunna fitowar daga farko zuwa ƙarshe kana bin mutum ɗaya: tana tafiya, kana goga yadin da juna a kan kowane taku, ta durƙusa, ka matse shi a hankali ka sake, ta miƙa hannu, ka ja shi sau ɗaya. Idan ta tsaya cak, kai ma ka tsaya. Sai ka koma farko ka bi tsohuwar da nata yadin. Kada ka yi numfashi ta baki, kuma ka cire agogo da zobe.

Kuskuren da ake yi a nan shi ne motsa yadi ba tsayawa, sai ya koma kamar shuuu ɗin rediyon da bai kama tasha ba. Na biyu shi ne ɗaga shi da yawa. Gwajinsa mai sauƙi ne. Idan kana kallo kana jin tufafi, ya yi yawa. Idan ka kashe layin ka ji muryar ta koma situdiyo, ka kunna ta dawo jikin mai ita, to ya zauna daidai.

Sai taku. Ka nemi wurin da simintinsa tsirara ne, kuma a kan ƙasa yake, ba bene ba, domin daɓen bene yana da kogo a ƙarƙashinsa. Ka barbaɗa ɗan yashi kaɗan, ko rabin tafin hannu bai kai ba, saboda tsakar gidan Kano ba ta rabuwa da ƙura, kuma wannan ɗan ƙurus-ƙurus ɗin shi ne yake gaya wa kunne cewa waje ne. Ka sa silifas irin nata, wanda ya ɗan tsufa. Ka sa gajeren wando ko ka naɗe naka, don kada yadinka ya shiga. Makirfo kamar mita 1 daga ƙafa, yana kallonta a karkace; idan ka matso da shi sosai takun zai yi ƙato, ya zama na wani basamude. A wuri ɗaya ake takawa, ba a tafiya, dunduniya ta fara sauka sannan yatsu. Kuma kada ka kalli ƙafarta a hoto, ka kalli kafaɗunta. Kafaɗa tana gaya maka taku zai sauka kafin ya sauka, ƙafa kuwa sai ta sauka za ka gani, ka makara.

Silifas sauti biyu gare shi, saukarsa a ƙasa da marin da yake yi wa dunduniya idan an ɗaga ƙafa. Yawan wannan marin shi ne halin mai tafiya. Amaryar da ke ɗauke da faranti za ta shiga wurin surukarta a nutse take takawa, gajeren taku, kusan ba mari. Da kishiya ce ta fito a fusace, da marin ya fi saukar ƙarfi. Tsohuwa ja take yi. Wannan wasan kwaikwayo ne da ƙafa, kuma shi ne abin da ba za ka taɓa samu a sautin intanet ba, inda taku goma duk ƙarfinsu ɗaya. Kada ka manta da cire takalmin a bakin ƙofa: ɗan ja, faɗuwar na farko, ɗan ja, faɗuwar na biyu. Daga nan tafin ƙafa ne a kan leda, taku biyu ko uku masu laushi da ɗan mannewa. Wannan sauyin daga silifas zuwa tafin ƙafa yana shigar da mai kallo ɗakin fiye da yadda hoton yake yi.

Kayan hannu sun fi sauƙin fahimta, sai dai ƙarfe yana da rigima. Kwanon da ba komai a cikinsa ƙararrawa ne, kuma kunne yana ganewa nan take cewa abincin ƙarya ne. Ka zuba masa shinkafa dafaffiya ko ka cusa jiƙaƙƙen tsumma, sai amonsa ya mutu ya yi nauyi. Faranti ma ka ɗora masa kayan da ke kansa a hoto, ka ɗauki ɗan kacau-kacau ɗin da suke yi tana tafiya, sannan saukarsa a leda daban. Idan har yanzu yana ƙara da yawa, ka manna salatif a bayansa. Murfin kwano motsi biyu ne, ɗagawa da ajiyewa, kuma tsohuwar da ta duba abinci ta mayar da murfi a hankali ba ɗaya take da wadda ta sake shi ya faɗa ba. Ka tambayi darakta wanne yake nufi, don a nan kana iya canza ma'anar fitowa ba tare da an ƙara kalma ba. Ruwa kuwa ka zuba shi a kofi mai girman na hoto, tsawon lokacin da ta ɗauka, domin sautin yana sirancewa yayin da kofi yake cika, ba ya yiwuwa ka yanko tsakiyar wani ka liƙa. Idan shayi ne a hoto ka zuba ruwan zafi, zubarsa ba ɗaya ba ce da ta ruwan sanyi. Awarwaro ka ɗauke shi a layinsa shi kaɗai, ka sa shi wuri uku ko huɗu inda hannu ya yi babban motsi. Idan ka bi kowane motsi da shi zai hana a ji gaisuwar.

Ƙofar gida kada ka wahalar da kanka a situdiyo. Ranar da ka je ɗaukar iskar wuri, ka ɗauki ainihin ƙofar, makirfo yana cikin ɗakin tsohuwar, wani ya zare sakata, ya tura, ya mayar. Ka sake ɗauka daga kusa don ajiya. Ta cikin ɗakin ta riga ta zo da nisanta da amon zaure, ba abin da za ka ƙara mata.

Wajen daidaitawa da hoto, idan a firem 25 kuke ɗauka, kowane firem kashi 1 cikin 25 na daƙiƙa ne, wato 40 ms. Kunne yana yafe sautin da ya makara kaɗan, amma ba ya yafe wanda ya riga hoto, domin a duniya haske ne yake riga sauti isowa. Sauti yana tafiyar kamar mita 343 a daƙiƙa, kusan mita 14 ke nan a firem ɗaya. Saboda haka idan kana shakka, ka tura shi baya da firem ɗaya, kada ka jawo shi gaba. Abubuwa masu kaifi, irin saukar faranti da murfin kwano, su ne suke buƙatar ka buɗe zanen sautin ka sa kan ƙarar daidai firem ɗin da abu ya taɓa abu. Taku kuwa ka fara matsar da jerin gaba ɗaya, sannan ka gyara ɗaya ko biyu da suka kauce. Idan ka yanka kowane taku ka jera shi da hannu, tafiyar za ta rasa kaɗawarta, gara ka sake ɗauka. Kowane yanki ka sa masa ɗan gajeren shiga da fita, ko na firem ɗaya ne, don kada a ji ƙyas a bakin yankan.

Saura babban aiki, wato zaunar da duk waɗannan a wuri ɗaya. Nisa abu uku yake yi wa sauti. Ƙarfinsa yana raguwa, a fili kamar 6 dB duk lokacin da nisa ya ninka. Samansa yana dushewa. Sannan amon wuri yana ƙaruwa a kan ainihin sautin. Idan amarya ta taso daga madafi mita 8 daga kyamara ta iso mita 2, nisa ya ragu da rabi sau biyu, takunta na farko ya kamata ya yi ƙasa da na ƙarshe da kamar 12 dB, ya kuma fi shi dushewa. A cikin ɗaki bambancin bai kai haka ba, saboda bango yana mayar da sauti. Rage ƙarfi kaɗai ba ya sa abu ya yi nisa, ƙarami kawai yake mayar da shi.

Amon wuri kuma dokarsa ɗaya ce: a kowane wuri, murya da tufafi da taku da kwano duk su bi ta `Reverb` guda. Ka buɗe layi ɗaya na musamman ka sa shi a can, kowane layi ya aika masa kasonsa. Idan kowa da nasa, ka koma matsalar ɗakuna uku. Ɗakin tsohuwa mai gado da katifa da labule amonsa gajere ne, ka fara da daƙiƙa 0.3 zuwa 0.4. Zaure da ba komai a cikinsa sai siminti zai iya kai wa kusan daƙiƙa 1, a nan muryar mijin za ta zauna. Tsakar gida ba ta da rufi, don haka ba ta da jela, sai ɗan mari gajere da ke dawowa daga katanga. Wanda ya sa mata amon ɗaki ya mayar da ita falo. Akwai dabarar da ta fi duk wannan lissafi. Ka tafi gidan da balan-balan, ka kafa makirfo, ka fasa ɗaya a ɗaki, ɗaya a zaure, ɗaya a tsakar gida, kana ɗauka ba tare da ƙarar ta fashe ma'auni ba. Ka yanke kowace fashewa da jelarta, ka loda ta a `ReaVerb` na Reaper ko makamancinsa, sai ya ɗora wa sautinka amon ainihin wurin. Ka dai sanar da mutanen gida da maƙwabta kafin ka fasa.

Ga ɗan gyaran da ba ya wuce minti biyar. Duk layukan motsi ka sa musu `High-pass` wajen 80 zuwa 100 Hz, ya share gurnanin da ba ka ji a hedifon amma yana cin wuri. Ƙarar ƙarfe tana zaune ne tsakanin 2 zuwa 5 kHz, daidai inda baƙaƙen magana suke fitowa, shi ya sa murfin kwano yake iya haɗiye kalma. Ka rage masa 3 ko 4 dB a wurin, ko kuma idan hannun ba ya cikin hoto a lokacin, ka matsar da ƙarar ta faɗa tsakanin kalma da kalma. Kuma a tafi da sauƙi wajen kiɗa. Sau da yawa ana shimfiɗa kiɗa daga farkon fitowa zuwa ƙarshe ne don a rufe ramin da rashin waɗannan sautukan ya bari. Tunda ka cike ramin, gaisuwar suruka da amarya ba ta buƙatarsa.

Wata matsalar tana iya kasancewa a muryar kanta. Idan an ɗauke ta baki manne da makirfo, kamar yadda ake ɗaukar waƙa, za ta yi kauri irin na mai gabatar da shiri a rediyo, kuma ba tufafin da zai ɓoye wannan. Ka rage mata 3 zuwa 5 dB tsakanin 150 da 250 Hz, ka sassauta `Compressor` idan an matse ta. Ka duba kuma ko akwai numfashi. Wadda ta durƙusa da faranti tana ɗan sauke numfashi, tsohuwa tana cewa "uhm" kafin ta amsa. Idan ba a ɗauka ba, ka kira su su ba ka minti goma, wannan karon da dogon makirfo, kamar rabin mita daga baki, kuma amaryar ta durƙusa da gaske tana yi.

Idan ka gama, kada ka yanke hukunci a hedifon. Mafi yawan masu kallonka a waya za su gani, wasu a cikin adaidaita sahu. Lasifikar waya kusan ba ta fitar da abin da ke ƙasa da 200 Hz, don haka ƙofar da nauyinta duk a ƙasa yake za ta ɓace, sai ka ɗaga ƙarar sakata da ta ƙarfen. Tufafi da awarwaro kuma a waya suke fitowa fiye da yadda ka zata, wataƙila ka rage su. Kada ka watsa taku can hagu can dama, ka bar su kusa da tsakiya tare da murya, iskar wuri kaɗai za ka buɗe. YouTube yana rage duk abin da ya wuce wajen -14 LUFS a ma'aunin ƙarfin sautin shiri gaba ɗaya, saboda haka tura ƙarfi sama ba ya ƙara maka komai sai matse ƙananan sautukan da ka sha wahala a kansu. Idan shirin zai je talabijin, ka tambayi tashar ma'auninta tun kafin ka haɗa.

Gwaji na ƙarshe shi ne ka kunna fitowar da ta gabace ta, da ita, da wadda ta biyo baya, a jere ba tsayawa. Waɗancan da sautin lokeshan suke, da ɗan datti da hayaniyarsu. Idan taka ta fi su tsabta, za a ji an shiga wani shiri daban. Maganinsa ka ɗaga iskar wuri da 2 ko 3 dB, idan kuma ana jin janareto can nesa a sauran fitowar gidan, ka ɗauko shi ka sa kaɗan a ƙarƙashin wannan ma, a layinsa daban yadda za ka iya sauke shi duk inda magana ta yi ƙasa.